Maraba da sabuwar akanta: yau dai jimlar tsakiya ta zauna

'Yan'uwa masu koyon rubutun ofis, yau da farin ciki na zo. Sanarwar maraba da sabuwar akantarmu ta shiga 'yar mujallar ma'aikata ta wannan wata, a kalma ƙasa da 80, kuma mai ita ta karanta ta ce a buga.

Buɗewa da rufewa ba su taɓa wahalar da ni ba. Tsakiyar ce ke cin rai, inda za ka dunƙule takardar tarihin aiki mai shafi biyu ta koma jimla biyu ko uku. A fitowar baya wani babba ya dage sai an jero duk takardun shaidar wanda aka ɗauka, rubutun ya tsallake gurbinsa. Mai buga mana a Ƙofar Ƙaura kuwa babbar takarda yake ninkewa biyu ta ba da shafi huɗu, don haka ba a ƙara shafi ɗaya, sai huɗu. Naira 18,000 muka ƙara a kan layi shida, kuma har yanzu abin na yi mini ciwo.

Wannan karon matsalar daban ce. Takardar Malamar ta nuna babbar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a 2014, bautar ƙasa a 2015, aiki a Daura daga 2016 zuwa 2019, sai kuma aiki a nan Katsina daga 2022. Da na jera su haka na karanta da ƙarfi, abin da ya fi fitowa shi ne giɓin da ke tsakanin 2019 da 2022. Kun san halinmu a ofis: wani zai ƙirga shekarunta daga ranar gama karatu, wani ya tambayi abin da ya zaunar da ita gida. Sanarwar da aka yi don a tarbe ta sai ta zama abin tattaunawa a bakin masallaci bayan azahar. Na cire shekarun gaba ɗaya, sai rubutun ya koma holoƙo, "ƙwararriya mai hazaƙa da gogewa", yabon da za a iya liƙa wa kowa.

Abin da ya warware shi, tashi na yi na same ta a teburinta. Na ce, "Malama, cikin ayyukan da kika yi a baya, wanne za ki so abokan aiki su sani?" Ta ce, "Malam, a Daura ni na mai da lissafin albashi daga littafi zuwa kwamfuta." Wannan ba ya cikin takardarta ko kaɗan. Na kuma tambayi yadda take so a kira ta, domin wasu har sun fara ce mata Hajiya. Ta ce Malama ya isa, kuma a bar maganar maigida da yara. Ga abin da ya fita, na sakaya sunan:

"Muna yi wa Malama Wance barka da zuwa sashen kuɗi a matsayin akanta. 'Yar Daura ce, ta yi babbar difloma a fannin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina. Ta shafe sama da shekara 5 tana aikin albashi, kuma ita ta mai da lissafin albashin wurin aikinta na Daura zuwa kwamfuta. Ofishinta na kusa da na kashiya, duk mai tambaya kan albashi ya leƙa. Allah ya sa ta shigo a sa'a."

Ku duba, adadi ɗaya kawai na bari, jimillar shekarun aiki, wanda gaskiya ne kuma ba ya tona giɓin. Makaranta ma ɗaya, ta ƙarshe. Ainihin ɗumin rubutun daga zancen kwamfutar nan ya fito, don shi ne abin da mai gadi da manaja za su iya tunawa, har su ja ta da hira a kansa.

Akwai jimlar da na yi ta gardama a kanta da shugaban sashe. Ya so a sa "za ta kawo gyara a sashen kuɗi". Na ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya riƙe kujerar kafin ita yana nan, an dai sauya masa sashe, kuma zai karanta." Ya yi shiru, ya ce a cire. Wallahi na ji daɗin wannan fiye da komai a aikin.

Wata mai zuwa direbobi biyu za a ɗauka, ɗayansu ba shi da takardar makaranta sai lasin da shekaru a hanyar Katsina zuwa Kano. Shugaban sashe ya riga ya ce su biyun gurbi ɗaya za su raba, hoto biyu, kalma 80.