Kuɗin da ka riga ka zuba ba shi zai zaɓa maka aiki ba

Ƙannena masu shirin fara sana'a, kafin ku ƙara ko kwabo kan aikin da kuka fara, ku tambayi kanku nawa ya rage in kashe daga yau, nawa kuma zai dawo min. Ni ban yi haka ba na sha wuya.

Na kama fili haya na fara ginin gidan kaji, miliyan 2 ta shige, ga katanga ga kwano a sama amma ba keji ba rijiya, saura miliyan 3 a gama, hayar kuma shekara 4 ta rage. A lokacin akwai injin casar shinkafa da zan iya saya da miliyan 3 ɗin nan. Kaji za su ba ni kamar miliyan 1.2 a shekara bayan abinci da magani, inji kuma miliyan 1.6. Sai zuciya ta ce ai ba zan bar miliyan 2 ta tafi a banza ba, na zaɓi kaji.

Ga lissafin da ya kamata in yi. Kuɗin baɗi ba ɗaya suke da na yau ba, in da kuɗinka na iya kawo maka kashi 25 cikin 100 a wani wuri to duk shekara sai ka raba da 1.25. Miliyan 1.2 ta kaji ta koma dubu 960 a shekarar farko, sai 768, 614, 492, jimla wajen miliyan 2.83. Raba wannan da miliyan 3 ka samu 0.94, wato duk naira ɗaya da na ƙara kwabo 94 take dawowa, in kuwa ya gaza 1 asara ce. Inji kuma miliyan 1.28, 1.02, sai dubu 819 da 655, jimla 3.78, an raba ya ba da 1.26.

Lokacin mai da uwar kuɗi ma haka, lissafin kai tsaye ya ce kaji za su biya ni a shekara biyu da rabi shi ya ruɗe ni wallahi, alhali da kuɗin da aka rage wa daraja har haya ta ƙare ba su cike miliyan 3 ba, inji kuwa zai cike wajen shekara 2 da wata 10. Sai dai wannan awon baya ganin ribar da ke zuwa bayan an mai da jari, kar ku dogara da shi kaɗai.

Miliyan 2 ɗin nan fa ko kaji na zaɓa ko inji ta tafi, to me za ta bambance? Sa ta cikin lissafi na iya cutarwa ta ɗaya ɓangaren ma, da miliyan 1.5 ce ta rage a gama ginin da ci gaba ne daidai, 2.83 a kan 1.5 ya kusa 1.9, duk da jimlar kashewa ta fi abin da zai dawo.

Abin da bai riga ya tafi ba shi ne wanda zai sayu yau. Kwanon rufin nan zai yi dubu 400 a hannun masu sayen tsohon kaya, in na ci gaba na haƙura da su kenan, dole su hau kan miliyan 3, awon kaji ya sauka daga 0.94 zuwa 0.83.