Talata, farkon Yuli: lissafin diski

Da safe Oga ya leƙo ofishinmu na Wuse ya ce, "Malam Sani, an ce diskin ma'adanar bayanai zai kai mu Nuwamba, ko?" Na ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa Azahar." Lissafin da aka kai masa ba ƙarya ba ne, sai dai an ɗauka kowane wata cinsa ɗaya.

Diskin giga 2,000 ne, umarnin `df` mai nuna filin da aka ci a diski ya nuna an cinye 1,240. Ba ma jiran ya cika maƙil. Iyakarmu kashi 80 cikin ɗari, wato 1,600. PostgreSQL, manhajar ma'adanar bayananmu, yana buƙatar fili: `VACUUM FULL`, umarnin tsaftace teburin bayanai, sabon kwafin tebur yake rubutawa kafin ya goge tsohon, kuma in wurin rubuta WAL, kundin da ake fara rubuta kowane canji a ciki, ya ƙare, PostgreSQL tsayawa yake yi cak. Ke nan giga 360 suka rage mana. Watan jiya mun ci 80. A raba 360 da 80, wata huɗu da rabi, tsakiyar Nuwamba. Nan aka samo zancen.

Ni kuwa ba jimillar na duba ba, ƙarin kowane wata na jera: Maris 60, Afrilu 66, Mayu 73, Yuni 80. Ashe shi kansa ƙarin yana hawa da kusan kashi 10 duk wata, saboda sababbin rassan da ake ɗorawa. In aka kalli zanen jimillar kawai, ido zai ce miƙaƙƙen layi ne. Sai an debe wata daga wata lanƙwasar ke fitowa. Na ci gaba da shi: Yuli 88, Agusta 97, Satumba 106, sun haɗa 291. Saura 69, Oktoba kuma zai ci 117. Wajen 18 ga Oktoba mun taka iyaka. Kusan wata guda ya zube.

Kafin in yarda da alƙaluman, na bi manyan folda da `du`, umarnin auna girman folda, ko wani ya jibge tsohon bakof ya kumbura wata ɗaya. Babu, girman na gaske ne.

Yaron da ke hidimar ƙasa a wajenmu ya ce ai `predict_linear` na Prometheus, manhajar sa ido a kan na'urori, zai yi mana gargaɗi. Zai yi, amma miƙaƙƙen layi yake ja. Ya dace da "diski zai cika nan da awa huɗu", ba da kasafin wata huɗu ba.

Abin da ya fi damuna sayayyar ƙarin diski ce. A wajenmu, daga sa hannu, neman dala, zuwa isowar kaya da haɗawa, wata uku ne in komai ya tafi daidai. Takardar da ta fita yau, kayanta sai farkon Oktoba. Ratar mako biyu kacal. Bayan La'asar na kai wa Hajiya ta akawu. Ta ce, "Kai da tayar da hankali! Diskin da ko kashi 65 bai kai ba?" Na ajiye mata lambobin nan huɗu na ƙarin kowane wata a kan tebur. Ta ce in dawo Alhamis da farashi daga dillalai uku.