Daren da na bar wa cron ya yi ƙarya

Yau da sassafe kabu-kabu ya sauke ni biron Alhaji, ko karin kumallo ban yi ba, don tun jiya zuciyata na kan log ɗin gwajin kwafin takardu da na bar wa cron, wato mai tada aiki da kansa a sa'ar da aka sa masa. Auta na same shi ya riga ni, yana zaune yana danna salula, da ganina ya ce "Yaya ai na gaya maka babu abin da za ka gani, aikin nan lafiya lau yake."

Jiya da la'asar ne muka yi gardamar. Aikin dai kun san shi, kwashe takardun biro, su faktir da lissafin buhunan aya da riɗi, daga odinatar Malama sakatariya zuwa ƙaramin sabar da ke lungu, kullum ƙarfe 2 na dare. Foldar tata ana ɗauro ta ta rezo a kan `/mnt/biro`, rsync ya kwafa zuwa `/srv/ajiya`, kuma da `--delete` domin abin da ta goge can a goge shi nan, kar difkin ajiya ya cika da tarkace. Auta ya gwada da hannu da `-n`, wato rsync ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, ya fito da layi kaɗan na sababbin faktir, ba gogewa ko ɗaya. Sai ya ce to a cire `-n` ɗin a saka a crontab, jadawalin cron, mu tashi. Na ce a'a, a saka shi a crontab da `-n` ɗinsa ya kwana haka. Ya dube ni kamar na ce ya ɗebo ruwa da kwando. Ga layin da na bari:

```
0 2 * * * rsync -ain --delete /mnt/biro/ /srv/ajiya/ >> /var/log/gwaji.log 2>&1
```

Wannan `i` ɗin da ke tsakiya kar a raina shi, in ka ba rsync `-n` shi kaɗai ba `-i` ko `-v` shiru zai yi maka ya fita, ka ɗauka komai daidai ne alhali bai gaya maka komai ba. Da `-i` kowane fayil yana da layinsa, sabo ya zo da `>f+++++++++` a gabansa, wanda za a goge kuma da `*deleting`.

To na buɗe log ɗin. Daga sama har ƙasa `*deleting`, `*deleting`, ina ta gangarawa ba ya ƙarewa, faktir na bara, na bana, har foldar hotunan sito, ba layi ɗaya na kwafi. Auta ya ajiye salular ya matso, ya ce to ya aka yi haka, ai umarni ɗaya ne da na jiya. Umarni ɗaya ne, amma ba lokaci ɗaya ba ne. Kuran ya ɗauke cikin dare, batirin sabar ya ƙare ta mutu, da wuta ta dawo ta tashi da kanta, ita kuwa odinatar Malama a kashe take tun da ta tashi daga aiki. Sabar ta nemi ɗauro foldar ba ta samu ba, sai `/mnt/biro` ya zama folda ce kawai fanko, tana nan amma ba komai ciki. Shi rsync bai san wata Malama ba, ya ga tushe fanko, an ce masa ya mai da ajiya daidai da tushe, to zai share ajiya kaf kuma ya fita ba tare da ya ce an yi kuskure ba. Da ma foldar babu ita gaba ɗaya da ya yi kuka ya tsaya, kasancewarta fanko shi ne masifar.

Abin da nake ta nanata wa yaron nan ke nan, gwajin da ka yi da hannu da rana, kana zaune, kowace na'ura a kunne, ba shi ne abin da cron zai tarar ƙarfe 2 ba. Ko ba zancen kuran, cron yana tashi da `/bin/sh`, `PATH` ɗinsa gajere ne, galibi `/usr/bin:/bin` kawai, ba ya karanta abubuwan da ka jera a `.bashrc`. Don haka gwajin ma a bar cron ɗin ya yi shi da kansa, a sa'ar da zai riƙa yi, da sunan mai amfanin da zai riƙa yi, kai kuma da safe ka karanta.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ba wannan ba ne. Wajen ƙarfe 10 Alhaji ya shigo, na gaishe shi, na nuna masa allon ina ɗan jin daɗi. Ya sa tabarau ya duba ya ce "To yanzu an kwafa ko ba a kwafa ba?" Na ce ba a kwafa ba ranka ya daɗe, gwaji ne. Ya ce "An goge?" Na ce ba a goge ba. Ya ce "To ashe ba a yi komai ba ke nan jiya," ya ƙara da cewa ko an goge ma ai na Malama na nan. Na ce gaskiya ne Alhaji, amma daren da kuran ya yi wasa da na'urori shi ne daren da tata ke iya ƙonewa, ka ga ranar da za mu nemi ajiyar ita ce ranar da za mu tarar an share ta. Ya ce Allah ya kiyaye, ya amsa waya ya fita, ana jiransa a babbar kasuwa. Shi ke nan. Wallahi har azahar ina jin abin, wai ba a yi komai ba.

Bayan salla muka zauna da Auta muka mai da shi ɗan sikirif:

```
#!/bin/sh
N="-n"; [ "$1" = "gaske" ] && N=""
mountpoint -q /mnt/biro || exit 1
rsync -ai $N --delete --max-delete=50 /mnt/biro/ /srv/ajiya/
```

Na juya abin da gangan, in ka kira shi haka kawai gwaji yake yi, sai ka rubuta `gaske` bayan sunansa sannan ya taɓa fayil, don mantuwa ta kai mutum ga gwaji maimakon gogewa. `mountpoint` yana duba ko an ɗauro foldar da gaske, in ba haka ba a tsaya nan. Shi kuma `--max-delete=50` birki ne, in gogewa za ta wuce 50 ya daina gogewa, in ya gama ya fita da lamba 25, amma fa 50 ɗin farko sun riga sun tafi, don haka ba a dogara da shi shi kaɗai.

Auta ya ce to yanzu in log ɗin gobe ya fito tsaf mun gama ko? Na ce da sauran, `-n` ba ya rubuta komai, saboda haka ba zai gaya maka difki ya cika ba, ba zai gaya maka ba ka da izinin rubutu a `/srv/ajiya` ba, wannan sai an yi na gaske. Za mu nuna masa wata foldar banza ya zuba ciki tukuna mu gani.

  

Na roƙi Malama ta bar odinatarta a kunne yau da dare, ta ce Alhaji ne ya hana saboda kuɗin kuran, sai na yi masa magana da kaina.