Abin da dafa ƙwai a cikin miyar tumatir ya koya mini kafin na bar kicin

A ƙarshen watan nan zan ajiye aikin da nake yi a ɓangaren karin kumallo na wani gidan abinci da ke Ikoyi, kuma ina so in bar wa ’yan uwana masu aikin kicin a Legas bayanin abincin da ya fi jawo mini ɓacin rai a wurin, wato ƙwan da ake fasawa kai tsaye a cikin miyar tumatir da tattasai tana kan wuta, wanda mutanen Arewacin Afirka suke kira shakshuka. A ido abu ne mai sauƙi, amma dukan wahalarsa tana cikin ’yan mintocin da ke tsakanin fasa ƙwan da ajiye shi a gaban mai ci.

Babban kukunmu yana da doka guda: a fasa ƙwai, a rufe nan take, a ƙara wuta, a jira minti takwas. Duk sanda kwastoma ya dawo da kwanon yana cewa gwaiduwa ta sandare, a kan mu ƙananan ma’aikata laifin yake faɗawa, wani lokaci har da yanke kuɗin ƙwan daga albashi. Ranar da na ce masa, “Oga, don Allah a bar ni in jinkirta murfin kaɗan a ga yadda zai fito,” amsar da ya ba ni a gaban kowa ita ce ba a ɗauke ni aiki don in koya masa girki ba. Na yi shiru, amma dokar tasa ba ta da gaskiya, kuma dalilin a fili yake.

Farin ƙwai yana fara daskarewa idan zafi ya kai wajen digiri 63 a ma’aunin Salsiyos, amma ba ya gama kamewa sai ya kusanci 80, ita kuwa gwaiduwa tana yin kauri tun daga wajen 65, kafin a wuce 70 ta daina gudana. Ke nan abin da ake nema, farin ya nuna gwaiduwa kuma ta rage da ruwa-ruwa, yana buƙatar zafin ya isa ga farin fiye da yadda yake isa ga gwaiduwa. Miyar tana yin wannan aikin daga ƙasa, domin farin ne yake kwance a cikinta, gwaiduwa kuma tana zaune a samansa. Da zarar an ɗora murfi, tururi ya taru a ƙarƙashinsa, abin da yake fara samu shi ne gwaiduwar da ke tsaye a sama ba tare da wata kariya ba. Minti takwas a cikin wannan tururi ya isa ya mayar da ita kamar ta dafaffen ƙwai, wuta mai ƙarfi kuma ta sa miyar ta kama a gindi, ƙasan farin ya yi tauri.

Sai dai barin murfin gaba ɗaya shi ma ba mafita ba ne, domin saman farin, musamman wanda ya kewaye gwaiduwa, zai zauna ɗanye yana yauƙi har tsawon minti goma ko fiye, kafin ya nuna kuwa miyar ta bushe.

Ga yadda na koma yi a ranakun da babban kukun ba ya nan. A kasko mai faɗin santimita 28 nake soya albasa biyu a man gyaɗa, in zuba jajjagen tumatir takwas matsakaita da tattasai huɗu da attaruhu biyu, in bar su a buɗe kimanin minti ashirin har ruwan ya tsotse, mai ya fara tasowa a gefe. Alamar da nake dubawa ita ce in ja cokali a tsakiyar miyar: idan hanyar da ya bari ta tsaya na ɗan lokaci kafin ta rufe, to miyar za ta riƙe ƙwai. Gishiri da sauran kayan ɗanɗano duk a wannan lokaci ake gama su, saboda bayan ƙwai ya shiga babu sauran juyawa. Daga nan nake rage wuta har tafasar ta koma ’yar ɓararraka a gefe-gefe, in yi gurbi shida da bayan cokali ba tare da na tono gindin kaskon ba, in fasa kowane ƙwai a ƙaramin kofi tukuna sannan in zuba shi a hankali. Na gefe nake fara zubawa idan murhun yana ba da wuta a tsakiya, na tsakiya ya zo a ƙarshe, don kada ya riga sauran nuna.

Minti uku zuwa huɗu na farko a buɗe nake barinsa. A cikinsu nake sa bakin cokali in ɗan ja farin mai kauri zuwa cikin miyar, ina kauce wa gwaiduwa, domin idan ya bazu ya fi saurin nuna. Idan ƙasa da gefen farin sun yi fari sol, saura kawai wani zobe garai-garai a kewayen gwaiduwa, a lokacin ne murfi yake da amfani, kuma minti biyu yakan isa, uku idan ƙwan daga firji ya fito. Murfin gilashi ya fi, saboda ana ganin lokacin da wata siririyar farar yana ta fara rufe saman gwaiduwa, wanda shi ne gargaɗin cewa a ɗaga. Sai a girgiza kaskon kaɗan: farin ya tsaya, gwaiduwa ta yi rawa.

Abin da dokar minti takwas ta manta da shi kwata-kwata shi ne tafiyar da ke tsakanin murhu da tebur. Muna kai abincin ne a cikin kaskon ƙarfen da aka dafa shi, ƙarfe mai nauyi kuwa yana riƙe zafi, miya mai kauri ma haka, don haka ƙwan yana ci gaba da dahuwa a hannun mai kai abinci. Saboda wannan nake sauke shi yana saura kaɗan ya kai yadda ake so, kuma ba na yarda a mayar masa da murfi a hanya. Bayan wasu watanni, da aka lura kwanukan ranakun da nake bin wannan tsari ba sa dawowa, babban kukun ya rubuta wannan tsari da hannunsa ya manna a bango, ya kuma gabatar wa manaja da shi a matsayin gyaran da ya kawo. Kuɗin da aka yanke mana ba a mayar ba, kuma har yau bai taɓa ɗaga maganar da ni ba.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Da damina, idan tumatirin arewa ya yi wuya a kasuwar Mile 12 aka koma wa mai ruwa, a ƙara lokacin suyar miya, kuma a tuna ruwan da ya taru a cikin murfi miyar yake komawa, don haka a ɗaga shi a miƙe a kai shi gefe kafin a karkata. Tsohon ƙwai farinsa ruwa ne, yana malalewa ya ɓace a miya, shi ya sa nake duba shi a kofi. Idan kuma odar ta mai juna biyu ce, ko ƙaramin yaro, ko tsoho, a bar murfin har gwaiduwa ta kame sarai, domin ƙwan da bai gama nuna ba yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo amai da gudawa.

Yaron da zai gaje ni na nuna masa komai a kan murhun da zai yi aiki da shi, saboda mintocin da na lissafa na wannan murhu ne da wannan kasko, idan aka sauya ɗaya sai an sake gwadawa. Na kuma gaya masa cewa idan aka dawo da kwano, ya fara tambayar minti nawa ya yi a kan kantar kicin yana jiran mai ɗauka kafin ya yarda a rubuta masa kuɗin ƙwan.