Wa ya sa hannu a sammacin?

Lokacin da Makarantar Horas da Lauyoyi ta Bagauda ta tura mu sanin makamar aiki, ni ofishin wasu lauyoyi a Kano aka kai ni. Aikin da na fi ƙaruwa da shi a can shi ne wani tsohon fayil na rikicin bashi. Babbar Kotun Jiha ta yanke hukunci a kan wani ɗan kasuwa, shi kuma ya bar lauyansa na farko ya dawo wurinmu yana son ɗaukaka ƙara. Oga ya ce in taƙaita masa fayil ɗin a shafi biyu.

Fayil irin wannan ba a karanta shi daga sama zuwa ƙasa, domin takardar da ta zo ƙarshe ita ce a sama. Na warware shi na jera komai bisa kwanan wata: sammaci, bayanin da'awa, amsar wanda ake ƙara, shaidu, sannan hukunci. Kowace takarda na rubuta ranar da aka shigar da ita kotu, wadda ke jikin hatimin rajistara, ba wadda lauya ya buga a ƙasa ba. Ranar hukunci na ja mata layi, saboda wata uku doka ta bayar a ɗaukaka ƙara kan hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba. Wata babbar lauya a ofishin ta leƙa ta ce, "Ƙara gurbi ɗaya, ka rubuta wanda ya sa hannu a kowace."

A gurbin nan magana ta fito. Sammacin, lauyan mai ƙara ne ya sa hannu da sunansa. Bayanin da'awa kuwa sunan kamfanin lauyoyinsu kawai ke ƙarƙashin sa hannun, babu sunan mutum. Oga na gani ya gyara zama ya ce, "Okafor da Nweke ke nan! Rubuto mini takardar bincike, kada ta wuce shafi uku."

A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan kamfanin lauyoyi ba ta da inganci. Dalilin shi ne sashe na 2(1) da na 24 na Dokar Lauyoyi sun ce lauya shi ne wanda sunansa ke cikin rajistar lauyoyi, kamfani kuwa ba ya cikinta. A 2012, a shari'ar First Bank da Maiwada, an roƙi kotun ta sauya wannan matsayi, ta ƙi. Idan sammaci ne ke da wannan aibi, kotu ba ta da hurumi tun farko, duk abin da aka gina a kai ya rushe, kuma ana iya tada maganar ko a Kotun Ƙoli.

Amma namu ba sammaci ba ne. Na shiga NWLR, kundin rahoton hukunce-hukuncen manyan kotunan Najeriya, ina bin shari'o'in da suka zo bayan Okafor, har na iske ta Heritage Bank da Bentworth Finance ta 2018. A can ma bayanin da'awa ne aka sa wa hannu da sunan kamfani, wanda ake ƙara bai yi magana ba har aka gama shari'a. Kotun Ƙoli ta bambanta takardar da ke buɗe ƙara da waɗanda ke biyo bayanta, ta ce wanda ya yi shiru aka ci gaba da shi ya yafe. Ban tsaya ga taƙaitawar editoci da ke farkon rahoton ba, sai da na karanta babban hukuncin na tabbatar a kan wannan aka yanke, ba magana ce da alƙali ya yi a wucewa ba. Da na koma fayil ɗinmu, lauyan farko ya shigar da amsa, ya yi wa shaidu tambayoyi, bai taɓa ɗaga maganar sa hannu ba.

Takardar binciken na buɗe ta da tambaya ɗaya: ko aibin bayanin da'awa ya cire wa kotun hurumi? A ƙarƙashinta na sa amsa a layi uku, cewa da wuya, kafin in kawo abin da ya faru da lambar shafin kowace takarda, sai shari'o'in. Bentworth na ba ta fili fiye da Okafor, ko da yake ita ce ba ta yi mana daɗi. A ganina takardar da ta ɓoye wa Oga hukuncin da ke gāba da shi cutarsa ta yi, don lauyan ɗaya ɓangaren zai karanta masa shi a gaban alƙalai.

Oga ya soke sakin layi biyu da na kwafo dogayen maganganun alƙalai, ya ce lambar shafi ta ishe shi. Maganar sa hannu ya bar ta a dalili na ƙarshe, ya mayar da ƙarfin ɗaukaka ƙarar kan yadda alƙali ya auna shaidar biyan kuɗi, ya ce in ciro masa duk rasit ɗin da aka karɓa a kotu da lambobinsu.