Kafin ka rubuta "Kashi na 1" a kan bidiyonka

Ƙannena masu ɗora bidiyo a YouTube, kuskuren da ya fi cin irinmu a farko shi ne buɗe tasha da shiri mai dogon zango alhali ba wanda ya san mu.

Bidiyo mai zaman kansa baƙo yake kawowa, shiri mai kashi-kashi kuwa wanda ya riga ya zo yake riƙewa. Sabuwar tasha ba ta da wanda za ta riƙe.

A ce wata ƙanwarmu a Bauchi tana koyar da girki. Ta sa wa bidiyonta suna "Girkin gida, kashi na 7". Ba mai neman wannan a akwatin bincike, kuma baƙuwar da ta ci karo da shi za ta ɗauka sai ta kalli shida na baya, ga tsadar data, sai ta wuce. Wannan bidiyon dai, da an kira shi "Abin da ke hana ƙullun masa tashi", da matar da masarta ta ƙi kumbura a tanda jiya ta latsa shi, ko da bayan shekara ne. Shi ya sa masu kallon shiri mai lamba suke raguwa daga kashi zuwa kashi: tsofaffi na zubewa, sababbi ba ƙofar shiga.

Fara da bidiyo goma masu zaman kansu, kowanne ya amsa tambaya ɗaya. Sannan buɗe `YouTube Studio`, shiga `Analytics`. A `Audience` za ka ga ko mutanen jiya suna dawowa ko kullum sababbi ne. A cikin bidiyo ɗaya kuma duba `Reach`: in yawancin masu kallo daga `YouTube search` suke, amsa suka zo nema, ba kai ba. In `Browse features`, wato masu samun bidiyonka a shafin farko na YouTube, ya fara rinjaye, an fara sabawa da kai, lokacin shiri ya yi. Batun da ya fi jan mutane cikin goman nan, shi za ka mayar shiri.

Ko a nan, kada ka sanar sai kana da kashi huɗu a ajiye, an tace. Wuta za ta ɗauke, waya za ta cika, biki zai taso, kuma wanda ka yi wa alkawarin kowace Juma'a, in ya leƙo sau biyu bai samu ba, da wuya ya sake leƙowa. Faɗi adadin tun farko, kashi shida misali, ya fi "har illa masha Allahu".

Lambar kuma tura ta ƙarshen take, don a waya ƙarshen ne ake yankewa: "Miyar taushe ta cin masa | Girkin Bauchi 3". Haɗa su a `playlist` guda, ka sa kashi na gaba a `End screen`, wanda ke fitowa a daƙiƙa 5 zuwa 20 na ƙarshe. Bar doguwar maimaitawar makon jiya. Jimla ɗaya ta isa, ka shiga girkin.