Ƙannena, laushin takalmi ba ya maganin ciwon diddige

Idan ka sauko daga gado da asuba, takun farko ya soke ka a diddige kamar ka taka ƙusa, sannan ya lafa bayan ka ɗan zagaya, galibi jijiyar nan ce mai faɗi da ta shimfiɗu daga ƙashin diddige zuwa gindin yatsu ta gaji. Mai wuni tsaye a kan siminti a kasuwar Mile 12 ta Legas, ko mai gadi a Ikoyi, ya san wannan sukar.

Kuskuren da na yi, wanda ba na so ku maimaita, shi ne neman takalmi mafi laushi. Silifas na soso daɗin minti biyar gare shi. Da nauyinka ya hau sai ya lotse, kwarin tafin ƙafa ya rasa madogara, jijiyar ta riƙa miƙewa a kowane taku. Ga yatsu kuma suna ta damƙe shi don kada ya fice.

Abin dubawa na farko shi ne tazarar tsayi tsakanin diddige da gaban takalmi. A ce kaurin ƙasansa milimita 30 ne a diddige, 20 a gindin yatsu, tazarar 10 ke nan. Daga 8 zuwa 12 ya fi dacewa da yawancin masu wannan ciwo, domin ɗan tudun yana sassauta agara da naman sha-raɓa, su kuma su rage jan da suke yi wa tafin ƙafa. Shafaffen takalmi, komai kaurinsa, ba ya yin wannan aikin. Mai tsini kuma gaban ƙafa yake jibga wa nauyi.

A kasuwar Katangowa ko ta Yaba, kada kunyar mai kaya ta hana ka gwaji. Lanƙwasa kambas ɗin: a gindin yatsu ya kamata ya lanƙwashe. In ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, ajiye masa abinsa. Murɗa shi kamar za ka matse wanki, ya yi maka gardama. Danna bayan diddigen da babban yatsa, kada ya kwanta. Na gwanjo ne? Ɗora shi a kan benci ka duba ta baya. In ya karkace, ko soson gefe ya yi tamoji, mai shi na farko ya riga ya cinye amfaninsa.

Tudun ciki ya cika kwarin ƙafa ba tare da ya tokare ka ba. In za ka sa wata shimfiɗa, cire ta asali tukuna, ka fara da awa biyu a rana. Gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan tasa, ka bar faɗin babban yatsa a gaba. A gida ma kada ka taka tayil ba takalmi.

Sauƙin yakan ɗauki watanni. Amma in da kumburi, ko ƙafar na mutuwa ko ƙuna, ko kana da ciwon suga, asibiti za ka fara zuwa kafin kasuwa.